Gyaran fassarar inji: takardar masu zuwa awo ta fito da "ka" da "ku" a shafi ɗaya

Zainab Kongo: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. An ba ni takardar wayar da kan masu juna biyu, wadda za a riƙa rabawa a wurin awo. Kalma 900 ce da 'yan kai, an riga an saka ta a inji, nawa gyara ne. Ina bin ta layi-layi amma lokacina yana tafiya wajen daɗaɗa jimla, kuma hankalina bai kwanta cewa ina kama abin da ya fi hatsari ba. Ga layi shida na asalin:

```
1. Visit the clinic as soon as you know you are pregnant.
2. The midwife will give you SP. Take it in front of her.
3. It is given from 13 weeks, at least one month apart.
4. Do not take it if you are on cotrimoxazole.
5. If you notice any discharge, tell the nurse.
6. When labour starts, ask your husband to bring you.
```

Ga kuma abin da inji ya bayar:

```
1. Ziyarci asibitin da zarar kun san kuna da ciki.
2. Ungozoma zai ba ka SP. Ɗauke shi a gabanta.
3. Ana ba da ita daga makonni 13, aƙalla wata ɗaya.
4. Kada ku ɗauka idan kuna kan cotrimoxazole.
5. Idan kun lura da wata sallama, gaya wa ma'aikaciyar jinya.
6. Idan aiki ya fara, ka nemi mijinki ya kawo ku.
```

Ta ina ake farawa don kada a yi ta zagaye?

Nura PZ: Wa alaikumus salam. Zainab, wannan ai mai sauƙi ne. Tunda mata ake yi wa magana, buɗe Find and Replace, ki mayar da duk "ka" da "ku" su koma "ki". Minti biyar kin gama da wakilan suna. Daga nan ki kwashe Hausar ki mayar wa inji ya juya ta zuwa Ingilishi, in ta yi daidai da asalin, shi ke nan.

Malam Sani Tudun Wada: Nura, ka yi daidai da ka ce a nemi kuskuren da bincike maimakon a jira ido ya ci karo da shi. Amma kada a danna Replace All. In ba a zaɓi cikakkiyar kalma ba, "haka" za ta koma "haki", "saka" ta koma "saki", "kusa" ta koma "kisa". Ko an zaɓa ma, "kun", "kuna", "kuka", "maka", "jikinka" duk suna nan ba su motsa ba, domin wakilin suna a Hausa yana sauya siga da lokacin aiki, yana kuma manne wa suna a ƙarshe.

Mayar da fassara cikin inji kuwa ba ya nuna irin wannan ɓarna ko kaɗan. "Ka", "ki" da "ku" duk kalma ɗaya za su koma a Ingilishi. "Ɗauka" za ta koma `take`, "sallama" tana iya komawa `discharge`. Hanyar da ya bi ya ɓata, ita zai biyo ya dawo, sai ka ga komai ya yi daidai da asali alhali Hausar ba ta da ma'ana.

Hajiya Binta: Zainab 'yata, ajiye gyaran tukuna. Kafin ki taɓa harafi ɗaya, ki karanta Ingilishin daga farko har ƙarshe, ki rufe Hausar injin. Takarda mai wannan tsawo ba za ta ci miki fiye da minti goma ba. Kina karantawa kina rubuta abu biyu a gefe: wa ake yi wa magana a kowane sashe, da kalmomin fannin da suke ta dawowa.

Dalilin da ya sa nake cewa kalmomi su riga wakilan suna yana cikin layinki na 2 da na 3. Inji ya ce "ɗauke shi", a layi na gaba ya ce "ana ba da ita", kuma abu ɗaya ake nufi. Wanne ne daidai? Ba za ki iya cewa ba sai kin yanke sunan da za ki kira SP da shi. In kin ce "maganin SP", to "shi" ne har ƙarshen takarda: ki sha shi, ana ba da shi. In kin ce "ƙwayar SP", ta koma "ita". In kuma kin ce "ƙwayoyin", "su" ne. Wanda ya fara da gyara shi da ita, daga baya ya sauya magani zuwa ƙwaya, sai ya sake bin takardar gaba ɗaya. Aiki biyu ke nan.

Kuma abin da ya sa injin yake wannan tsalle-tsalle shi ne, sau da yawa jimla-jimla ake ba shi, musamman idan ta cikin manhajar fassara aka kira shi. Da ya iso layi na 3 bai san abin da aka ambata a layi na 2 ba, sai ya yi canke. Don haka duk jimlar da ta fara da `It`, `They` ko `This`, ki ɗauka canke ne har sai kin tabbatar.

Sista Rakiya: Ni ba mai fassara ba ce, ungozoma ce, amma layi na 3 ne ya tayar min da hankali, kuma ban ga wanda ya taɓa shi ba. "Aƙalla wata ɗaya" kamar ana cewa a yi wata guda ana shan maganin. Ba haka ba ne sam. SP, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro wanda mata suka fi sani da Fansida, ƙwaya uku ake haɗiyewa a zama ɗaya a gaban ma'aikaciya, sai a bar tazarar aƙalla wata ɗaya kafin a sake, ana kuma so mace ta samu aƙalla sau uku kafin ta haihu. Ba a farawa a watanni ukun farko. Macen da ta karanta wannan layin ta wuce kemis ta sayo ta riƙa sha kullum, an cuce ta.

Layi na 4 kuma "kuna kan" ba ya gaya wa kowa komai. A ce "idan kina shan". Mata kuma Seftirin suka sani, ba wancan dogon sunan ba.

Malam Sani Tudun Wada: Sista, Allah ya saka. Zainab, ki duba yadda kuskuren ya faru: kalma ɗaya tak, `apart`, inji ya yar, kuma jimlar ta zauna lafiya lau ba tare da ita ba. "Ungozoma zai ba ka" yaron firamare ma zai kama. Wanda ya yi santsi a baki shi ne yake wucewa. Shi ya sa lambobi da korewa nake ware musu zagaye nasu daban, ina riƙe da asalin a gefe. Ki bincika waɗannan a ɓangaren Ingilishi, duk inda suka fito ki dubi Hausar da ke gabansu:

```
not|never|unless|until|only|apart|every|at least|\d+
```

A kowace lamba ki tambayi abu uku: nawa, na mene ne, kuma sau nawa ko tsawon wane lokaci. `twice daily` da `every two days` sukan rikiɗe wa juna, `unless` takan zama "idan" kawai, ma'ana ta kife.

Malam Haruna Samaru: Jama'a, mu a ɓangaren malaman gona wannan rigima ta ka da ki ba ta dame mu ba. Takardun manoma da "a" muke rubuta su: a yi huɗa, a shuka, a zuba taki bayan sati biyu. Babu namiji babu mace. Malama Zainab ta mayar da komai "a" mana, ta huta. Namu ciwon kan shi ne `plant`, wani wuri shuka ce da ke tsaye a gona, wani wuri umarni ne a shuka, wani wuri ma masana'anta ake nufi, inji kuma ya cakuɗa su. Sai hekta da eka, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi.

Hajiya Binta: Malam Haruna, a takardar gona "a" tana tafiya saboda mai aikin mutum ɗaya ne, manomi. A takardar Zainab mutum uku ne: mai ciki, ungozoma, miji. In aka rubuta "a ba da maganin, a sha a gabanta, a kawo ta asibiti", wa zai ba da, wa zai sha, wa zai kawo? Ni zan bar "ana" ga abin da asibiti ke yi kaɗai, kamar layi na 3, in yi amfani da "ki" ga duk abin da mai cikin za ta yi da kanta. Da haka wakilin sunan da kansa yana nuna mai alhakin aiki.

Sista Rakiya: Ni ma "ki" nake goyon baya, don takardar a hannun mace ɗaya take, haka kuma muke yi musu magana a ɗakin awo. Amma Hajiya, da yawa ba su ne ke karantawa ba. Miji ne ko ɗa ko ƙanin miji yake karanta mata. Yaro ya tsaya gaban mahaifiyarsa yana cewa "idan kin ga ruwa yana fita daga gabanki", da nauyi. Da "ku" ko da "mace mai ciki ta" abin ya fi sauƙin fita a baki.

Hajiya Binta: Wannan magana ce mai ƙarfi, Sista, ban kuma ce ina da amsarta ba. Abin da na tsaya a kai shi ne, ba mai gyara ke yanke wannan ita kaɗai ba. Ta tambayi masu takardar: a hannu za a ba kowace mace, ko a bango za a manna, ko a lacca za a karanta wa taro? In taro ne "ku" ta fi. Kowanne aka zaɓa, ya zama shi ne daga sama har ƙasa, sai in an zo sashen da aka buɗe da cewa ga saƙo ga maigida.

Nura PZ: To na karɓi gyara a kan Replace All. Amma binciken yana nan da amfaninsa. Anti Zainab, in a Word kike, ki kunna Use wildcards ki saka wannan, zai tsaya a kan ka, ke, ki, ku ɗaya bayan ɗaya:

```
<[Kk][aeiu]>
```

In kuma manhajar fassara ta OmegaT ce, danna Ctrl+F, zaɓi Regular expressions, ki yi binciken a ɓangaren fassara. Tunda "ki" ake so, sai ki nemi waɗanda ba a so kawai:

```
\b[Kk](a|ai|ana|u|un|una|uka)\b|(nka|rka|nku|rku)\b|\b(maka|muku)\b
```

Duk abin da ya fito abin tuhuma ne.

Malam Sani Tudun Wada: Yanzu ka zo, Nura. Sai dai ta san zai kawo mata tarkace. "Kai" zai fito a "ciwon kai" da "a kai ta asibiti", waɗannan ba ruwansu. In ta je neman "ya" da "ta" kuma, "ya" zai fito a cikin "'ya'ya" saboda alamar ɗauri, wasu manhajojin ma ba su ɗauki ɓ, ɗ, ƙ a matsayin haruffa ba, sai su tsinko "ta" daga cikin "taɓa". Tsallakewa kawai za ta yi. Akwai kuma wanda bincike ba zai taɓa gani ba: umarni tsirara irin "Ziyarci", "Ɗauke", "gaya wa". Babu wakilin suna a jikinsu, kuma a takardar da ake lallashin mace sun yi tsauri. Waɗannan a karatun ƙarshe ake mayar da su "ki je", "ki sha", "ki gaya wa".

Sannan akwai abin da ya shafe mu mu mutanen Zazzau musamman. A bakin da yawa daga cikinmu jinsin abubuwa ba ya fita: "allura ne", "rigan", "ƙwayan maganin", kuma kunnenmu ba ya jin komai. Inji ma yakan yi irin wannan, sai ya haɗu da kunnen da ya saba, ya wuce. Takardar da za ta je Kano, Katsina da Sakkwato daidaitacciyar Hausa take so. Don haka a jerin kalmominki ki rubuta jinsin kowace a gefe, sannan ki bincika "ne" da "ce" ki dubi sunan da ya zo kafinsu. Ba kunne za ki tambaya ba, jerin za ki duba.

Zainab Kongo: Na gode ƙwarai, Baba Sani. Na yi karatun na fitar da kalmomi 22. Yaya zan ajiye su? Kuma akwai biyu da suka tsaya min. Inji ya sa "mahaifa" a wurin `womb`, ya sake sa "mahaifa" a wurin `placenta`, har aka samu layin da ke cewa a jira mahaifa ta fito. Sai wannan:

```
Keep the baby on the mother's chest. If she is cold, cover her.
```

Ya ce "Idan tana jin sanyi, a rufe ta", alhali a layin baya ya ce "jaririn".

Hajiya Binta: Ajiyewa ba wuya. Fayil ne na rubutu zalla, kowane layi gida uku da Tab a tsakani: kalmar asali, Hausarta, sai bayani. A OmegaT sunansa `glossary.txt`, yana cikin jakar `glossary`, kuma duk jimlar da kalmar ta fito zai nuna miki a gefe. In Word kike, tebur mai gida uku ya isa.

```
labour	naƙuda	mace; ba aiki ba, ba ƙwadago ba
discharge	ruwa mai fita ta gaba	sallama in daga asibiti ne
take	sha	in magani ne
```

Gida na uku ya fi sauran amfani, don a nan kike rubuta tarkon. Kalmomin da ke kayar da inji ba manyan sunayen cututtuka ba ne, waɗannan yakan bar su yadda suke ki gan su a fili. Ƙananan kalmomin yau da kullum ne da asibiti ya ba wata ma'ana: `delivery` ta zama kai kaya, `stool` ta zama kujera, `positive` a sakamakon gwaji ta zama "mai kyau", wanda kishiyar abin da ake nufi ne. Ki bincika kowace a ɓangaren Ingilishi, ki ga duk wuraren da ta fito a jere, ki gyara su a zama ɗaya. Kalma 22 ba za ta kai ki awa ba.

Layin jaririn kuwa harshen damo ne tun daga asali. Wasu masu rubuta takardun lafiya da Ingilishi suna kiran jariri `she` ko da ba a san jinsinsa ba, uwar ma `she` ce. Hausar injin ta karkata ga uwa, tunda an riga an ce "jaririn". Kada ki yi canke, kada kuma ki bar shi a dunƙule. Ki sa shi a takardar tambayoyi: lambar layi, ma'anoni biyun, da wadda kike zato. Amsar na zuwa ki cire wakilin sunan ki sa sunan: "idan jikin jaririn ya yi sanyi, a lulluɓe shi".

Sista Rakiya: Kusan tabbas jaririn ake nufi, don shi ake ɗorawa a ƙirjin uwa saboda ɗumi, kuma su biyun ake lulluɓewa tare, a sa masa hula. Amma ki tambaya ɗin. Maganar mahaifa kuma, mutane suna kiran duka biyun da mahaifa, gaskiya ne. Mu a ɗakin haihuwa mukan ce mabiyiya ga wadda ke fitowa bayan jariri, tsofaffi kuma suna cewa uwar tafiya. A takarda dole a raba su, don fitowar mahaifa ita kanta wata lalura ce daban.

Malam Haruna Samaru: Sista, a ƙauyukan da muke shiga ta wajen Giwa ni "uwa" da "mahaifa" na fi ji. Anya kowa zai gane mabiyiya?

Sista Rakiya: Matan da suka taɓa haihuwa suna ganewa, Malam. Masu cikin fari ne ban ba da tabbaci ba.

Malam Sani Tudun Wada: To a farkon fitowarta a rubuta "mabiyiya, wato abin da ke biyo bayan jariri", daga nan a ci gaba da mabiyiya kaɗai. Ga yadda zan bar layi shidan, in an tsaya a kan "ki" da "magani":

1. Ki je asibiti da zarar kin gane kina da ciki.
2. Ungozoma za ta ba ki maganin SP. Ki sha shi a gabanta.
3. Ana fara ba da shi daga mako na 13, kuma ana barin tazarar aƙalla wata ɗaya kafin a sake.
4. Kada ki sha shi idan kina shan cotrimoxazole.
5. Idan kin ga wani ruwa yana fita ta gabanki, ki gaya wa nas.
6. Idan naƙuda ta fara, ki ce wa maigidanki ya kawo ki.

Layi na 1 da na 4 gyara na yi. Na 3, 5 da 6 gogewa na yi na sake rubutawa, don idan fiye da rabin jimla zai sauya, faci ya fi cin lokaci kuma tsarin injin yana maƙalewa a ciki. Wani abu kuma, Zainab: ki tabbatar an rubuta a yarjejeniyarku cewa cikakken gyara ne. Ƙa'idar ISO 18587 ta 2017 ta bambanta shi da gyaran sama-sama, kuma cikakken shi ne wanda sakamakonsa zai yi daidai da fassarar mutum. Takardar magani ba ta karɓar na sama-sama, kada a biya ki kuɗin wancan a sa ran wannan.

Sista Rakiya: Malam Sani, layi na 3 da na 4 har yanzu da saura. Matanmu da wata suke lissafi, ba da mako ba. A ce "bayan ciki ya cika wata uku". Kuma ka bar dogon sunan nan maimakon Seftirin.

Malam Sani Tudun Wada: Da gangan na bari, Sista. Seftirin da Fansida sunayen kamfani ne, wasu masu takarda ba sa yarda a sa su. Mako 13 zuwa wata uku kuma sauya ma'auni ne a maganar magani, kuma lissafin watan mace yana iya gaba da na asibiti ko ya yi baya. Mai gyara ta ba da shawara, masu takardar su sa hannu.

Sista Rakiya: Na ji, amma sunan da mace ba za ta iya karantawa ba bai kare ta daga komai ba. A sa duka biyun.

Hajiya Binta: Zainab, saka su a takardar tambayoyin kamar yadda Sista ta faɗa, da dalilinta. Yanzu kina da huɗu: ki ko ku, wa ke jin sanyi, mako ko wata, da sunayen magungunan. Ki tura yau, ki ci gaba da kalmominki 22 kafin su amsa, don waɗannan ba su jiran kowa. Wakilan sunan mai karatu kuwa ki bar su sai amsar farko ta zo.

Zainab Kongo: To Hajiya, na tura. Na kuma sami ta biyar ina cikin binciken lambobi: wani layi ya ce `one tablet of iron and folic acid daily`, inji ya ce "ƙwayar ƙarfe ɗaya da folic acid kullum". Ƙarfen na mayar da shi maganin ƙarin jini. Amma Anti Rakiya, ƙwaya ɗaya ce da ta haɗa biyun, ko kowanne da tasa?

Sista Rakiya: Duka biyun akwai. Wani lokaci a haɗe suke zuwa a ƙwaya ɗaya, wani lokaci a ba mace jar ƙwaya daban da 'yar ƙaramar rawaya daban. Ki tambaye su wacce suke rabawa a asibitocin da takardar za ta je.